Mai alkyabba da mai rawani: darasin duban hoto a wani aji a Maradi

Ajin da zan ba da labarinsa ajin farko ne na lise, a wata makarantar gwamnati cikin birnin Maradi, ɗalibai 64, mafi yawansu ƴan shekara goma sha shida zuwa sha bakwai. Tarihi nake koyar da su. Abin da ya tura ni shirya wannan darasi kuwa takardun jarrabawa ne. Duk lokacin da aka sa musu hoto aka ce su yi sharhi, sai su kwafe ƴar jimlar da ke ƙarƙashin hoton, su ƙara abin da suka haddace daga darasi, su miƙo. Hoton kansa ba wanda ya dube shi. Da za a cire shi a bar rubutun ƙasa kaɗai, amsarsu ba za ta canza da kalma ɗaya ba. Na ga ke nan ba su san hoto abin karantawa ne ba, sun ɗauke shi ado ne da ake sakawa don shafi kada ya yi fayau.

Na ware zama biyu, kowane awa biyu, mako guda tsakaninsu. Abin da nake so su fita da shi guda ɗaya ne tak: su iya raba abin da ido ya gani da abin da zuciya ta yanke, kuma duk maganar da za su yi kan hoto su iya nuna inda suka samo ta a jikinsa.

Hoto ɗaya ba ya wadatarwa ga wannan aiki. Idan ka ajiye wa yaro hoton mutum a tsaye, ba zai lura da cewa a tsaye yake ba, domin tsayuwa ba abin mamaki ba ce. Sai ka ajiye wani a gefensa wanda aka yanke daga ƙirji, a nan ne zai gane cewa wani ne ya zaɓi a nuna ƙafafu a wancan, wani kuma ya zaɓi a ɓoye su a wannan. Amma dole hotunan su yi tarayya a wasu abubuwa, in ba haka ba bambancin ya yi yawa har ba a san daga ina za a kama ba. Waɗanda na zaɓa duk zanen fentin mai ne a kan ƙyalle, duk na maza ne, duk Turawa suka zana su, kuma shekara 32 kacal ke tsakaninsu.

Na farko shi ne hoton Louis na 14, sarkin Faransa, wanda Hyacinthe Rigaud ya zana a 1701, yana gidan tarihi na Louvre a Faris. Na biyu hoton Ayuba Sulaiman Jallo ne, Bafulatanin ƙasar Bundu da ke cikin Senegal ta yau, wanda William Hoare ya zana a Ingila a 1733. Mai neman sa a waya sai ya rubuta Ayuba Suleiman Diallo. Wani abin da ya ba ni sha'awa: shekarar da aka zana sarkin ita ce shekarar da ake lissafa haihuwar Ayuba.

Tun a wurin buga takarda na ci karo da matsalar farko, kuma na gode Allah da na duba kafin in shiga aji. Na sa aka haɗa hotunan biyu a takarda ɗaya aka yi fotokofi baƙi da fari, guda goma sha shida, ɗaya ga kowane rukunin mutum huɗu. Da na karɓa sai na ga fuskar Ayuba ta zama dunƙulen baƙi. Fatarsa mai duhu ce, bayansa ma duhu ne, injin ya haɗe su wuri ɗaya, ba ido ba hanci, sai rawani da riga suna shawagi. Hoton da ƙarfinsa duka a fuska yake, an shafe masa fuska. Muka rage duhun injin har sau biyu kafin idanun su fito, duk da haka launi ya tafi: jan da ke ƙirjin Ayuba, jan dundunniyar takalmin sarki, shuɗin alkyabbarsa, duk sun koma toka-toka. Dole na ciro daga aljihuna na buga manya guda biyu masu launi, na manna a allo, rukuni-rukuni suna tasowa suna dubawa. Sunaye da shekaru kuwa na yanke su da almakashi. Na rubuta A a kan na sarki, B a kan na Ayuba.

Zaman farko

Na fara da shiru na minti uku. Ba magana, ba rubutu, kallo kawai. Minti uku a ajin mutum 64 doguwar tafiya ce. A minti na farko ana murmushi ana zungurar juna, a na biyu aka fara gajiya, sai a na uku na ga kawuna sun sunkuya da gaske. Daga nan na ja layi a tsakiyar allo. Dama na rubuta "Abin da ido ya gani", hagu na rubuta "Abin da zuciya ta ce". Doka ɗaya na kafa: duk abin da za ka iya ɗora yatsa a kansa, na dama ne, wanda ba za ka iya ba, na hagu ne. Ban ce na hagu laifi ba ne. Na ce dai kowa ya zauna ɗakinsa.

Hannun farko da ya tashi na wani yaro ne a layin baya.

"Mushe, A mace ce."

Aji ya fashe da dariya, amma da na tambaya su nawa suka yarda, kusan rabi suka ɗaga hannu. Ban gyara masa ba. Na ce ya zo ya ɗora yatsa a kan "mace". Ya zo ya nuna gashi, dogo, baƙi, ya zubo har kafaɗa. Na ce to wannan gashi ne, na rubuta a dama. Ya nuna takalmi mai tsinin dunduniya, na rubuta. Ya nuna ƙafafu a waje cikin farar safa har cinya, da hannu ɗaya riƙe da ƙugu, na rubuta su duka. Sannan na ɗauki "mace ce" na kai ta hagu. Ya tsaya yana kallon allo, ya ga hujjojinsa huɗu a gefe guda, hukuncinsa a ɗaya gefen. Wata ɗaliba ta ce ai akwai takobi a gefensa, kuma fuskar ta dattijo ce, da haɓa mai ninki. Na rubuta takobi da ninkin haɓa a dama, "dattijo" a hagu. Yanzu hukunci biyu na faɗa da juna a allo, kowane da shaidunsa.

Wannan kuskuren shi ne abu mafi daraja da ya faru a ranar, kuma da na yi saurin cewa "a'a, sarki ne" da na zubar da shi. Yaron bai yi wauta ba. Ya karanta hoton daidai da ƙa'idar sutura ta Maradi, inda dogon gashi da takalmi mai tsini na mata ne, inda babban mutum ke rufe jikinsa ruf da babbar riga. Abin da bai sani ba shi ne alama ba ta ɗauke da ma'anarta a jiki, mutanen wuri da zamani ne ke ba ta. A fadar Faransa ta lokacin, gashin aro mai yawa suturar manyan maza ce, jan dunduniya kuma alamar ƴan fada ce.

Da muka koma kan B sai abin ya juye. Nan kowa ya ji yana gida. "Malami ne." "Bafulatani ne." "Mutumin kirki ne." "Laya ce a wuyansa." Hagu ta cika, dama ba kowa. Hoton da suka ga kamar sun san mai shi, shi suka fi kasa kallo, domin sanayya ta riga ido isa. Sai da na tsananta da yatsa kafin muka samu abin da ke akwai: farin rawani, farar riga, wani abu ja mai kusurwa huɗu rataye da igiya a ƙirji, idanu suna kallon mai kallo, baki a rufe, baya duhu ba komai, hannuwa ba sa cikin hoton. Na sa suka ƙirga kayan da ke kowane hoto. A B suka samu uku. A A suka wuce goma: kambi a kan matashi, sanda a hannu, wata sandar mai siffar hannu a ajiye, takobi, sarƙa a ƙirji, alkyabba shuɗiya mai furannin zinariya da farin gashin dabba a cikinta, kujera, jan labule, ginshiƙi, dandamali, takalma.

Awa ta biyu ta tafi kan yadda aka shirya abubuwan, wato aikin mai zane. Ban ba su jerin kalmomin fasaha su kwafa ba. Tambayoyi huɗu na rubuta, kowane rukuni ya amsa su ga hotunan biyu a kaye ɗaya. Daga ina zuwa ina aka yanke jikin? Idan kana gaban mutumin, idonka yana daidai ina a jikinsa? Ina haske ya fi faɗawa? Idonka ina ya fara sauka, daga nan ya tafi ina?

Ta biyun ce ta ba su wahala, har sai da na sa wani dogon yaro ya hau tebur, wani ya tsuguna a gabansa. Na tambayi na tsugunen me yake gani. Ya ce ƙafafu da ƙasan haɓa. Suka koma kan A suka ga sarkin a kan dandamali yake, kallonsa na gangarowa, mai kallo yana ƙasa da shi. Wani ya ce, "Kamar mai faɗuwa gaisuwa a fada." Wannan kwatanci nasu ne, kuma ya fi duk wanda zan kawo, domin duk ɗan Maradi ya ga yadda ake zubewa gaban Sarkin Katsina na Maradi ranar hawan salla, ya san mai girma ba ya zama daidai da kai. A B kuwa ido da ido ne, kusa-kusa, kamar wanda kuke zaune kan tabarma ɗaya.

Kan haske, rukunoni da yawa sun gano cewa a A farar safa da farin gashin alkyabba su ke jan ido, har ƙafafun sun fi fuska fitowa. Wata ɗaliba mai natsuwa, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "Mushe, fuskar tsoho ce, ƙafafun na saurayi ne." Na ce ta riƙe wannan sai mako mai zuwa.

Minti ashirin na ƙarshe muka fita fili, don gyara wata ƙarya da takarda ta yi musu. A takarda hotunan biyu girmansu ɗaya. A zahiri na sarki tsayinsa santimita 277 ne, faɗinsa 194. Na Ayuba kimanin 76 ne da 64. Na aro awon tela, muka auna, aka ja layukan da kara a kan yashi, ɗaya kusa da ɗaya. Da aka yi lissafi, babban zai haɗiye ƙaramin sau goma sha ɗaya. Na sa dogon yaron nan ya kwanta cikin babban, ya ga da saura mai yawa a samansa. Na tambaye su wane irin ɗaki ne zai ɗauki wannan, wane ne zai ɗauki wancan. Suka ce wancan na zauren da jama'a ke taruwa ne, wannan na ɗakin mutum ne. Ba su san sunan kowa ba tukuna, amma sun riga sun gano wa aka yi wa kowane hoto.

Zama na biyu

Kafin in faɗi komai, na sa kowa ya rubuta jimla biyu: wane ne A, wane ne B, da hujja ɗaya ga kowane. Na karɓe takardun, sannan na buɗe labari.

Na sarki bai ɗauki lokaci ba. An haifi Louis a 1638, ya hau gadon mulki yana yaro a 1643, ya mutu a 1715. Lokacin zanen ya ba shekara sittin baya, ciwon gaɓɓai na damunsa. An shirya hoton ne don a aika wa jikansa Philippe na 5 da ya zama sarkin Sipaniya, amma ya yi wa fada kyau har aka riƙe shi. A ƙuruciyarsa ya yi suna a rawar fada, kuma ƙafafun nan na mai rawa ne, ba na dattijo mai ciwo ba. Fuskar ma a kan wani ƙaramin ƙyalle daban Rigaud ya zana ta, daga baya aka ɗinke ta a jikin babban. Ɗalibar nan ta yi murmushi ba ta ce komai ba. Idonta ya kama haɗin da aka yi fiye da shekara ɗari uku da suka wuce: fuskar ta mutumin ce yadda yake, jikin kuma na sarauta ne yadda ake so a gan ta. Na kuma nuna musu cewa sandar mulki a juye ya riƙe ta, yana dogara da ita kamar sandar yawo, kambin kuma ba a kansa yake ba, a gefe yake. Na bar musu su yi gardamar abin da hakan ke nufi. Wasu suka ce nuna wa duniya yake ko ba kambi shi sarki ne. Na karɓa, tun da sun nuna wurin.

Labarin Ayuba ne ya sa aji yin tsit. Ɗan babban malami ne a Bundu. Wajen 1730 ya tafi bakin kogin Gambiya fatauci, cikin hajarsa har da bayi biyu da zai sayar wa wani jirgin Ingilishi. A hanya aka kama shi, aka aske masa kai da gemu, aka sayar da shi ga jirgin nan da ya je ciniki da shi. Aka kai shi Maryland a Amurka, gonar taba. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta faɗa hannun wasu manya a Landan, aka kawo shi Ingila a 1733, aka tara kuɗi aka fanshe shi, ya koma Afirka a 1734. A Ingila ya rubuta Alƙur'ani da ka, kuma jan abin da ke ƙirjinsa, wanda suka kira laya, Alƙur'ani ne.

Na mayar musu da takardunsu. Kusan kowa ya rubuta malami, ko attajiri, ko ɗan sarauta. Ba wanda ya rubuta bawa. Wani ya ce, "To Mushe, mun faɗi ke nan." Na ce su dubo mini bauta a hoton, su ɗora yatsa. Suka duba, babu. Ba sarƙa, ba tabo, ba gona, ba ubangida. Ba su faɗi ba, sun karanta abin da hoton ya faɗa daidai. Hoton ne ya yi shiru kan wani abu. Nan ne iyakar ido take, kuma ina ganin darasin da bai kai ɗalibi wannan iyaka ba ya koya masa rabin aiki. Hoto yana gaya maka yadda aka so a ga mutum. Abin da ya same shi a rayuwa, sai ka nemo a wata majiya. Haka hoton sarki bai nuna yaƙe-yaƙe da harajin da suka biya kuɗin alkyabbar ba.

A wannan gaɓar ce wani ɗalibi, mai karatun Islamiyya da yamma, ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce shi abin da ke damunsa tun makon jiya shi ne yadda malami zai yarda a zana surarsa. Na san za a yi wannan tambaya a Maradi, kuma ban ɗauke ta tsokana ba. Na ce fatawa ba aikina ba ne, amma Ayuba kansa ya yi wannan damuwa. Thomas Bluett, wanda ya san shi tun Amurka kuma ya buga labarinsa a 1734, ya ce da ƙyar aka shawo kansa ya zauna, sai da aka tabbatar masa ba bauta wa hoton za a yi ba, don tunawa da shi ne kawai. Da aka gama fuska, ya nemi a zana shi cikin suturar ƙasarsu. Mai zane ya ce ba zai iya zana tufar da bai gani ba sai an kwatanta masa. Ayuba ya mayar masa da cewa in haka ne, yaya wasu masu zanensu ke zana Ubangiji wanda ba wanda ya taɓa gani? Yaron ya gyaɗa kai. Ni kuwa na ja zaren zuwa inda nake so: ashe rawani da farar riga zaɓin Ayuba ne. Mutumin da aka aske wa kai don a mai da shi bawa, da aka tambaye shi yadda za a nuna shi, ya zaɓi rawani da Littafi. Kayan nan uku da suka ƙirga, kowane magana ce.

Aikin rubutu ya ɗauki minti talatin da biyar: sakin layi biyu, a kan yadda kowane hoto ke nuna darajar mai shi, da aƙalla hujja uku daga jikin hotunan, da abu ɗaya da hoto bai iya gaya mana ba. Na raba maki 20 haka: 6 ga bayanin abin da ake gani, 8 ga fassarar da ke ɗaure da hujja, 4 ga kwatanci na gaske, 2 ga iyakar hoto. Da na ce kwatanci na gaske ina nufin jimlar da ta riƙe hotunan biyu kan abu guda, ba sakin layi kan A da wani kan B kowa na harkarsa ba.

A wurin gyara ne na gano inda darasin ya zame mini. Fiye da rabin takardun sun koma wa'azi. Ga irin abin da na yi ta karantawa: A mai girman kai ne, yana son duniya, B mai tawali'u ne, mai tsoron Allah. Jimlar na da daɗin ji, amma ba ido a cikinta. Hanyar gane irinta mai sauƙi ce: rufe hoton da hannu ka karanta, in jimlar ta tsaya da ƙafarta ba ta bukatar hoton, to ba duba aka yi ba, hukunci aka yanke. Kalmomin hali ne suka cika ta, girman kai, kirki, kunya, babu kalmar wuri ko launi ko girma ko ɗaya.

Laifin nawa ne ta fuska biyu. Na farko, na haɗa Bature mai mulki da Musulmi Baƙar fata wanda aka zalunta, a gaban yaran da ke karanta tarihin mulkin mallakar Faransa a ƙasarsu. Zuciya ta riga ta zaɓi ɓangare kafin ido ya buɗe. Na biyu, a zaman farko bakina ya suɓuce na tambaye su wane hoto ya fi nuna mutumin kirki. Tambaya ce mai ɗauke da amsarta, kuma ita suka riƙe. Har batun bayi biyun da Ayuba ya je sayarwa, wanda na faɗa a fili, ƴan kaɗan ne suka ambata, domin bai dace da tatsuniyar da suka gina ba.

Takardun da suka yi kyau sun bi wata hanya. Ɗaya ta rubuta, a taƙaice, cewa mai zanen A ya ja baya don ya nuna jiki duka da kayan da ke kewaye da shi, don haka darajar tana cikin kaya da wuri, da za a kwashe su sai a ga dattijo kawai. Mai zanen B kuma ya matso ya bar baya duhu, ba inda ido zai je sai fuska da jan Littafi a kan farar riga, don haka darajar tana jikin mutumin. Ta ƙara da cewa duka biyun shiri ne, sauƙin B ma shiryawa aka yi. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce wa'azin sauran ya hana su gani. Na ba ta 18. Ta rasa maki ne don ba ta ce komai kan abin da hoto ya ɓoye ba.

Ban bar abin haka ba. Ranar da na mayar da takardu na ɗauki minti goma sha biyar, na sa kowa ya ja layi ƙarƙashin duk kalmar hali a rubutunsa, ya ƙara mata "saboda" ya cika da abin da yatsa zai taɓa. "Mai girman kai ne" ta zama "yana nuna fifiko saboda yana kan dandamali, kallonsa na gangarowa, hannunsa a ƙugu". Wasu jimlolin sun ƙi karɓar "saboda" ko kaɗan, masu su suka soke su da kansu. Na kuma hana su kalmomi biyu a wannan gyara, "kyau" da "kirki", abin da ya jawo gunaguni mai yawa.

Da na maimaita darasin a ɗaya ajin, na canza abu uku. Na cire waccan tambaya. Na gabatar da awon fili zuwa farkon awa ta biyu, domin a ajin farko rana ta riga ta take kafin mu fita, rabin hankalinsu na wurin inuwa. Sannan na sa su zo da hoton da aka ɗauka a shagon mai hoto, na salla ko na biki, wanda ba a jin kunyar nuna shi, muka yi masa tambayoyin nan huɗu kafin mu taɓa Rigaud. Wani ya kawo hoton kawunsa a tsaye gaban labulen da aka zana wa gidan bene, hannu ɗaya kan babur, agogo a waje don a gani. Da na tambaye shi babur ɗin na wa, ya ce na mai hoto ne, kowa da shi ake ɗauka. A wannan ajin, da aka zo kan ƙafafun sarki, ba sai da na ce komai ba; shi yaron ne ya ce daga inda yake zaune, "Mushe, wannan ma babur ɗin mai hoto ne."